Darasin Lissafi: Gefe da Layin Ratse a Siffa Mai Kusurwa Biyar

  

Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa wata gardama ce da ta tashi a aji biyar. Mun so mu yanka tauraro mai tsini biyar da kwali don ƙawata allon sanarwa, sai na raba ɗalibai gida uku, na ce kowane gida ya zana nasa. Da aka kawo, taurari biyu sun karkace, ɗaya tsininsa na sama ya fi sauran tsawo, ɗaya kuma kamar an zauna a kansa. Amma kowane gida ya rantse cewa gefunan siffarsa biyar tsawonsu ɗaya ne, kuma da na sa rula na tarar gaskiya suka faɗa. To in gefuna sun yi daidai, ina karkatar ta fito? Amsar tana cikin wata lamba guda ɗaya, kuma ita za mu nemo yau, mu ga inda ta fito, sa'an nan mu yi aiki da ita. Duk mai karatu ya nemi takarda da fensir da rula, don wannan darasi ba a fahimtarsa da ido kawai.

Sunayen da za mu yi aiki da su

Siffa mai kusurwa biyar, da Larabci ana ce mata muhammas. Asalin kalmar ɗaya ne da humusi da Alhamis da tahamisin da ake yi wa waƙoƙi, duk daga hamsa, wato biyar. Wanda muke magana a kansa shi ne daidaitaccen muhammas, wanda gefunansa biyar tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa biyar kuma buɗewarsu ɗaya. Ku riƙe wannan sharaɗi na biyu da kyau, shi ne wanda 'yan aji biyar suka manta. In kana son ganin kamanninsa, yanka ɗanyar kuɓewa a tsakiya ka dubi bakin yankan. Sau da yawa za ka ga siffa mai kama da shi.

Mu sa wa kusurwoyin suna: ta sama A, sa'an nan mu zagaya, B, C, D, E. Layin da ya haɗa maƙwabta biyu, kamar A da B, shi ne gefe. Layin da ya tsallake maƙwabci ɗaya ya ratsa ta cikin siffar, kamar daga A zuwa C, shi za mu riƙa kira layin ratse. Layukan ratse biyar ne, kuma in ka ja su duka, tauraro mai tsini biyar zai bayyana, irin wanda ke tsakiyar tutar ƙasar Maroko.

Tambayarmu ita ce: layin ratse ya ninka gefe sau nawa? Wannan shi ake kira nisba, wato abin da za ka samu in ka raba tsawon ratse da tsawon gefe. Da na sa ɗalibai su auna ƙananan zanen da ke littafinsu, wani ya sami 1.5, wani 1.6, wata kuma 1.65. Dalili shi ne zanen ƙarami ne. In gefe santimita 2 ne kacal, kuskuren milimita ɗaya ya isa ya canza amsa. Rula tana kai mu kusa ne kawai, hujja ce za ta ba mu amsar kanta.

Mataki na farko: kusurwoyi

Kun san cewa kusurwoyi uku na kowace alwatika in an tara su digiri 180 ne. Daga A ja layi zuwa C, ja wani zuwa D. Ka ga siffar ta rabu zuwa alwatika uku. Saboda haka jimillar kusurwoyin muhammas ita ce 180 sau 3, wato 540. Tun da guda biyar ne kuma duk ɗaya suke, kowace tana da digiri 108.

Yanzu dubi alwatikar A, B, C ita kaɗai. Gefen AB da gefen BC tsawonsu ɗaya. Ƙa'ida ce sananniya cewa alwatikar da gefunanta biyu suka yi daidai, kusurwoyinta biyu da ke fuskantar waɗannan gefuna su ma daidai suke, haka kuma in kusurwoyi biyu suka yi daidai, gefunan da ke fuskantarsu daidai ne. Kusurwar B ta ɗauke 108, saura 72, a raba biyu, kowace ta sami 36. Ke nan duk inda layin ratse ya tashi daga kusurwa, tsakaninsa da gefen da ke kusa da shi digiri 36 ne. Ku rubuta wannan a gefen takarda.

Mataki na biyu: mahaɗar layuka biyu

Goge layin AD don kada zane ya cika. Bar AC, sa'an nan ja layi daga B zuwa E. Layukan biyu za su gitta juna a wuri guda, mu kira wurin M, wato mahaɗa. Wannan M ta raba AC gida biyu, guntu AM da dogo MC.

Dubi alwatikar M, B, C. Kusurwarta da ke C digiri 36 ce, mun riga mun sani. Kusurwarta da ke B fa? Dukan kusurwar B 108 ce, layin BE ya yanke 36 ta wajen A, saura 72. To 36 da 72 sun zama 108, a cire daga 180, kusurwar da ke M ita ma 72 ce. Ka ga kusurwoyi biyu sun yi daidai, don haka MC da BC tsawonsu ɗaya. Amma BC ai gefen muhammas ne. Ashe dogon ɓangaren layin ratse daidai yake da gefe, ba ƙari ba ragi. Guntun ɓangaren kuwa, wato AM, shi ne abin da ya rage in an cire gefe daga ratse.

Mataki na uku: uwa da 'ya

Saura ƙaramar alwatika, A, M, B. Kusurwarta ta A 36 ce, ta B ma 36, saboda haka ta M 108 ce. Kun taɓa ganin waɗannan lambobi? Su ne na babbar alwatika ABC: 36, 36, 108. Alwatika biyu masu kusurwoyi iri ɗaya kamar hoto ne da aka wanke ƙarami da babba. Girman ya bambanta, amma nisbar da ke tsakanin sassan ba ta canzawa. In dogon gefen babbar ya ninka gajeren gefenta sau kaza, na ƙaramar ma sau kazan ne.

A babbar, dogon gefe shi ne AC, wato ratse, gajere kuma AB, wato gefe. A ƙaramar, dogon gefe shi ne AB, gajere kuma AM, wato ratse ban da gefe. Mu sa harafin r a madadin ratse, g a madadin gefe:

r ÷ g = g ÷ (r − g)

Da baki ana faɗarsa haka: nisbar dukan layi ga babban ɓangarensa ita ce nisbar babban ɓangare ga ƙaramin. Layin da aka raba ta wannan hanya, shi ne yau ake cewa an raba shi bisa nisbar zinariya. Ka ga ba mu je nemanta wani wuri ba, a cikin muhammas muka tarar da ita.

Fitar da lambar

Bari mu ɗauka gefe santimita 10 ne. Lissafin ya zama r ÷ 10 = 10 ÷ (r − 10). In muka ninka a gicciye, r sau (r − 10) zai ba da 100. In aka warware aka gyara:

r × r = 10 × r + 100

Wato muna neman lambar da in an ninka ta da kanta, za ta yi daidai da ninkinta goma da ƙarin ɗari. Irin wannan mas'ala Muhammad bin Musa Alhawarizmi ya ba da hanyar warware ta a littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya. Ga yadda hanyar take a kan mas'alarmu. Ɗauki rabin goma, biyar ke nan. Ninka biyar da kanta, 25. Ƙara a kan ɗari, 125. Nemo jizrin 125, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 125. Goma sha ɗaya sau goma sha ɗaya 121 ne, ya gaza kaɗan. Goma sha biyu sau goma sha biyu 144 ne, ya zarce da yawa. In ka matsa a hankali za ka tsaya wajen 11.18. Daga ƙarshe mayar da biyar ɗin nan a kai, ka sami 16.18.

Kada mu karɓa ba gwaji. 16.18 sau 16.18 ya ba da kimanin 261.8. Goma sau 16.18 kuma 161.8 ne, a ƙara ɗari, 261.8. Madalla, ɓangarorin biyu sun haɗu. Saboda haka muhammas mai gefe santimita 10, layin ratsensa santimita 16.18 ne, nisbar kuwa 1.618. A littattafan lissafi za ku gan ta a rubuce haka: (1 + √5) ÷ 2. Kuma ba ruwanta da girman siffar. Ko a bayan ambulan ka zana, ko a filin makaranta da igiya, nisbar ita ce dai.

Wani lokaci ɗalibi yakan juya rabon, ya raba gefe da ratse, ya sami 0.618, ya zo yana cewa ya yi kuskure wajen ajiye ɗaya. Bai yi kuskuren ajiye komai ba, rabon ya juya. Halin wannan lamba ne cewa in ka raba 1 da 1.618, abin da za ka samu shi ne 0.618, wato ita kanta an cire mata ɗaya.

Magabata a kan wannan mas'ala

Wannan ilmi tsoho ne. Uƙlidis, malamin lissafi da ya zauna a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo yadda ake zana daidaitaccen muhammas a maƙala ta 4 ta littafinsa da Larabawa suke kira Al'usul. A maƙala ta 13 kuma ya tabbatar da abin da muka gani yanzu, cewa layukan ratse suna raba juna bisa wannan nisba, kuma babban ɓangaren daidai yake da gefe. An fassara littafin zuwa Larabci tun zamanin Halifa Haruna Rashid. Daga baya Abu Kamil Shuja'u bin Aslam, malamin lissafi na Masar wanda ya rasu wajen 930 Miladiyya, ya rubuta risala a kan siffa mai kusurwa biyar da mai kusurwa goma, inda ya yi amfani da aljabra wajen fitar da tsawon layukansu. Sunan zinariya kuwa sabo ne, don sai a ƙarni na 19 ya bazu a littattafan Turai. Su magabata suna kiranta ne da siffarta, nisba mai tsakiya da gefe biyu.

Me ya sa lambar ba ta ƙarewa?

Na ce 1.618, amma wannan kusantarwa ce. Lambar tana ci gaba, 1.6180339, ba ta tsayawa, kuma babu wasu cikakkun lambobi biyu da za ka raba su ba ka ita cif. Gwada ka gani: 8 ÷ 5 ya ba da 1.6, ya gaza. 13 ÷ 8 ya ba da 1.625, ya zarce. 21 ÷ 13 ya ba da 1.615, ya sake gazawa. 34 ÷ 21 ya ba da 1.619, ya sake zarcewa. Kullum ana matsowa, ba a isa. Irin wannan lamba malaman Larabci suna ce mata asammu, wato kurma.

Dalilin yana cikin zanen. Ja layukan ratse duka biyar. A tsakiyar tauraron za ka ga wani ƙaramin muhammas ya fito, kansa a ƙasa. Kowane layin ratse yanzu ya rabu uku: 6.18, da 3.82, da 6.18. Na tsakiyar, 3.82, shi ne gefen ƙaramin muhammas, kuma shi ne abin da ya rage in an cire 6.18 daga 10. Layin ratsen ƙaramin kuma 6.18 ne, tsawonsa ɗaya da AM.

Yanzu a ƙaddara akwai wani ɗan tsinke da zai auna gefe sau kaza cif, ya auna ratse ma sau kaza cif. To lalle zai auna bambancinsu cif, wato ratsen ƙaramin muhammas. Zai kuma auna abin da ya rage in an cire wannan daga gefe, wato gefen ƙaramin. Ke nan tsinken ya auna ƙaramin muhammas kamar yadda ya auna babba. Amma a cikin ƙaramin akwai wani ƙarami, a cikin wannan ma akwai wani, kuma dole tsinken ya auna su duka. Za a kai ga wanda gefensa bai kai tsawon tsinken ba, kuma abu ba ya auna abin da ya fi shi gajarta. Tun da ƙaddarawar ta kai mu ga abin da ba zai yiwu ba, babu irin wannan tsinke. Wanda bai kama wannan a karatun farko ba, ya sake bi da zane a gabansa, ba abin kunya ba ne.

Komawa ga taurarin aji biyar

Ga inda karkatar ta fito. Samo kara biyar masu tsawo ɗaya, ka ɗaure bakinsu da zare su zama zobe, ka ajiye a ƙasa. Tura kusurwa ɗaya da yatsa. Za ka ga siffar ta lotsa, alhali babu karan da ya canza tsawo. Alwatika in an ɗaure ta ba ta motsi, amma mai gefe biyar tana motsi. Daidaiton gefuna kaɗai bai isa ba, sai an tsare kusurwoyi, kuma layin ratse shi ne mai tsare su.

Saboda haka ga hanyar zana shi da rula da kamfas, ba tare da auna kusurwa ko ɗaya ba. Ja layi a kwance mai santimita 10 a ƙasan takarda, ka sa masa C a hagu, D a dama. Buɗe kamfas santimita 16.2, don rula ba ta nuna abin da ya fi milimita ƙanƙanta. Kafa tsininsa a C ka ja baka a sama, kafa a D ka ja wani. Inda suka haɗu shi ne A. Yanzu rage buɗewar kamfas zuwa 10. Kafa a A ka ja baka ta hagu, kafa a C ka ja wani, mahaɗarsu ita ce B. Yi haka ta dama daga A da D, ka sami E. A kula, waɗannan bakuna suna haɗuwa a wuri biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Ta waje ake ɗauka. Wanda ya ɗauki ta ciki siffarsa za ta shige kamar ƙwarya da aka taka.

Kafin ka sa almakashi, yi bincike. Auna BE, da BD, da CE. Ba ka yi amfani da su wajen zane ba, don haka su ne shaidunka. In kowanne ya ba da 16.2, ko ya kauce da milimita ɗaya kacal, aikinka ya yi. In ɗaya ya ba da 15 wani 17, kamfas ya zame a hannunka, sai a sake. Da muka auna tauraron nan mai dogon tsini, layukan da suka tashi daga A sun fi sauran tsawo, nan take masu shi suka ga laifin da idonsu.

Iyayenmu kafintoci da teloli da magina, wannan hanya tana yi muku aiki. Kowane tsawon gefe kuka zaɓa, ku ninka shi da 1.618 ku sami ratse. In gefe mita 2 ne a ƙasa, igiyar ratse mita 3 ce da santimita 24, sai a kafa turaku a bi matakan da muka faɗa. Kuskure ɗaya da na sha gani shi ne mutum ya zana da'ira, ya bar kamfas a buɗewarsa, ya riƙa taka shi a bakin da'irar yana jiran kusurwa biyar. Wannan shida yake bayarwa, hanyar mai kusurwa shida ce.

Ga ƙanana 'yan aji ɗaya da biyu kuma, a yanko musu takarda doguwa mai faɗin yatsa biyu, faɗin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. A ƙulla ta ƙulli ɗaya irin na igiya, a ja a hankali, a danne ta kwanta. Ƙullin zai zama daidaitaccen muhammas. Yayyensu su auna musu gefe da ratse su raba.

Aikin gida

1. Muhammas mai gefe santimita 15, nawa ne tsawon layin ratsensa?
2. Wani tela yana son tauraron da kowane dogon layinsa santimita 50 ne. Nawa ne tazarar da ke tsakanin tsini da tsinin da ke maƙwabtaka da shi?
3. Wata ɗaliba ta zana siffa mai gefe biyar, kowanne santimita 8. Ta auna layin ratse ɗaya ta sami 13, ta auna wani ta sami 11. Siffarta daidaitacciya ce? Kawo dalili.
4. Bi hanyar Alhawarizmi da gefe santimita 2: rabin biyu, ninka shi da kansa, ƙara huɗu, nemo jizri, mayar da rabin. Raba amsarka da 2, ka faɗi abin da ka gani.

A rubuta amsa a takarda mai tsabta tare da zane, a sa suna da aji, a miƙa wa malamin aji kafin fitowa ta gaba. Wanda mahaifinsa ko yayansa ya taimaka masa ya rubuta haka a ƙasa, ba laifi ba ne, amana ce.